Garantin Na'urar Wasan Bidiyo: Abin da Ya Ƙunsa, Abin da Ke Kashe Shi, da Yadda Gyara Ke Tafiya

Garanti alkawari ne a rubuce da kamfanin da ya ƙera kaya yake yi wa mai saye, cewa idan kayan ya samu matsala cikin wani ƙayyadadden lokaci, kuma matsalar daga wajen ƙira ta taso, kamfanin zai gyara shi ko ya canja shi ba tare da ya karɓi ko kwabo ba. A na'urorin wasan bidiyo da matasa ke kira gem, irin su PlayStation ta kamfanin Sony, da Xbox ta Microsoft, da Switch ta Nintendo, wannan alkawari yana cikin 'yar takardar da ke zuwa a kwali, wadda yawanci ake jefarwa tare da leda tun ranar farko. Iyakoki uku ne suka kewaye alkawarin: irin matsalar da ta faru, lokacin da ta faru, da ƙasar da aka sayi na'urar. Duk jayayyar da ke tashi tsakanin mai na'ura da kamfani ko mai shago, a kan ɗaya daga cikin ukun nan take tsayawa.

Lahanin ƙira da ɓarnar hannu

Abu na farko da garanti ke bambancewa shi ne lahanin da na'ura ta fito da shi daga masana'anta, da kuma ɓarnar da ta same ta bayan ta shiga hannun mai ita. Na farkon ne kaɗai kamfani ya ɗauki nauyinsa. Idan fankar da ke cikin na'ura ta tsaya cikin wata huɗu ba tare da wani dalili ba, ko wurin sa faifai ya daina karanta faifai masu lafiya, ko na'urar ta riƙa mutuwa da kanta alhali tana wuri mai iska, waɗannan alamun lahanin ƙira ne. Amma idan ta faɗo daga kan tebur, ko shayi ya zube a kanta, ko yaro ya cusa tsabar kuɗi a bakin faifai, wannan ɓarna ce, kuma ko da kwana ɗaya da saye garanti bai shafe ta ba.

Akwai rukuni na uku a tsakani, wato tsufan da aiki ke jawowa. Batirin fad, wato hannun da ake riƙewa a buga wasa, yana rage ɗaukar caji da tafiyar lokaci. Robar da ke kan sandunan fad tana cinyewa, jikin na'ura yana karcewa. Kamfanoni suna ɗaukar wannan a matsayin abin da dole ya faru, don haka ba sa biyansa.

Wani lokaci lahani ɗaya yakan bayyana a na'urori masu yawan gaske har kamfani ya sauya sharuɗɗansa. Shahararren misali shi ne Xbox 360 da ta fito a Nuwamba 2005. Da yawa daga cikin na farko-farko sun riƙa mutuwa, fitilu uku na zoben da ke kewaye da maɓallin kunnawa su koma ja. A Yuli 2007 Microsoft ya tsawaita garanti zuwa shekara uku ga duk na'urar da ta nuna wannan alama, ya kuma ware sama da dala biliyan ɗaya don ɗaukar nauyin gyaran. Sai dai tsawaitawar ta wannan lahani ce kurum, sauran matsaloli suna nan a kan wa'adinsu na da.

Wa'adi da hujjar saye

Ga na'urar kanta, wa'adin da manyan kamfanonin uku suka saba bayarwa shekara ɗaya ne daga ranar da aka saya. Kayan haɗi kuwa sukan zo da wa'adi daban. A Amurka, alal misali, fad ɗin Xbox na yau da kullum an daɗe ana ba shi kwana 90, Nintendo kuma yana ba kayan haɗin da aka saya daban wata uku. Saboda haka mutum zai iya samun na'urarsa tana cikin garanti alhali fad ɗin da ya ƙara saya ya riga ya fita.

Ranar saye ita ce mafarin lissafi, kuma rasit ne ke tabbatar da ita. Rasit mai amfani shi ne wanda ke ɗauke da sunan shago, da kwanan wata, da sunan na'urar, in so samu ne har da lambar siriyal, wato doguwar lambar da ke liƙe a jikin na'ura da kuma kwalinta, wadda babu wata na'ura a duniya da ke da irinta. Idan babu rasit, kamfani na iya ƙin karɓar na'urar, ko ya koma ga bayanan da yake da su game da lambar, kamar lokacin da aka ƙera ta. Wannan yakan gajarta wa'adin, domin na'ura na iya yin watanni a sito kafin ta samu mai saye. Yawancin rasit na injin shago rubutunsa yana gogewa cikin 'yan watanni, musamman a wuri mai zafi, don haka ɗaukar hotonsa da waya a ranar saye yana da muhimmanci.

Wani sharaɗi da ba a cika lura da shi ba shi ne cewa takardun Sony da Nintendo na Amurka suna yin alkawarin ne ga wanda ya fara sayen na'urar sabuwa. Wanda ya sayi ta hannu, ko da wata biyu kacal ta yi a wajen mai ita na farko, ba lalle ne alkawarin ya biyo shi ba.

Iyakar ƙasa

Ga mai saye a Kano, ko Kaduna, ko Maraɗi, ko Yamai, wannan ita ce iyakar da ta fi cizo. Garantin kamfani yana aiki ne a ƙasa ko yankin da aka ƙera na'urar dominsa. Garantin PlayStation da aka saya a Amurka, alal misali, yana aiki ne a Amurka da Kanada. Na'urorin da ke kasuwannin Najeriya da Nijar kuwa da yawansu 'yan kasuwa ne suka shigo da su daga Dubai, ko Turai, ko Amurka, ko Japan. Na'urar sabuwa ce dal a kwalinta, takardar garantinta ma tana ciki, amma alkawarin da ke takardar ya tsaya a inda aka ɗauko ta.

Ana iya gane yankin na'ura daga lambar samfurinta da ke jikin kwali. A PlayStation 5, lambar tana farawa da CFI. Wadda ke ɗauke da CFI-1015A ta Arewacin Amurka ce, CFI-1016A ta ɓangaren Turai ce, CFI-1000A kuma ta Japan. Lambobi biyu na ƙarshe su ne ke nuna yankin. Harafin A yana nufin mai cin faifai, B kuma marar wurin faifai. Haka tsarin lambobin yanki yake a PlayStation 4, sai dai tata tana farawa da CUH.

A wannan hali, garantin da mai saye ke da shi a zahiri shi ne na mai shagon da ya sayar masa, kuma doka na iya ƙara masa ƙarfi. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta ɗora wa mai sayarwa alhakin lahanin kaya har shekara biyu, ko da garantin kamfani ya ƙare. A Najeriya akwai dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC. Dokar ta ba mai saye damar mayar da kaya mai lahani ga wanda ya sayar masa cikin wata uku, shi kuma ya gyara, ko ya canja, ko ya mayar da kuɗi. Amma doka ba ta aiki sai da hujja. Alkawarin baki na "in ta samu matsala ka dawo da ita" ba ya nuna wa'adi, ba ya kuma nuna ko gyara za a yi ko canji. Abin da ke raba gardama shi ne a rubuta a kan rasit: garantin wata nawa ne, me ya ƙunsa, da lambar siriyal ta na'urar da aka bayar.

Abubuwan da ke kashe garanti

Na farko shi ne buɗe na'ura. Shekaru da dama kamfanoni suna liƙa 'yar takarda a kan ɗaya daga cikin kusoshin na'ura, mai gargaɗin cewa da zarar an ɓamɓare ta garanti ya mutu. A Afrilu 2018 hukumar kasuwanci ta Amurka, FTC, ta aika wa kamfanoni shida wasiƙar gargaɗi, cikinsu har da Sony da Microsoft da Nintendo, cewa irin waɗannan sharuɗɗa sun saɓa wa dokar garanti ta Magnuson-Moss ta 1975. Bayan haka kamfanonin sun gyara kalmomin takardunsu na Amurka, ta yadda abin da ke fitar da na'ura daga garanti shi ne ɓarnar da buɗewar ko gyaran waje ya haddasa. Wannan hukunci na Amurka ne. A wasu wurare, musamman a garantin mai shago, yagaggen hatimi ya isa a ce wa mutum ya tafi da kayansa.

Ba kowane buɗewa ba ne laifi. An ƙera PlayStation 5 ta yadda mai ita zai iya zare murafunta na waje da hannu don ya share ƙura. A ƙarƙashin murfin akwai gurbin da aka tanada don ƙara ma'ajiyar wasanni irin ta M.2 SSD, kuma kamfanin da kansa ya buɗe damar amfani da shi ga kowa a Satumba 2021. Haka ma PlayStation 4, an yarda mai ita ya canja ma'ajiyarta. Ƙa'idar ita ce duk abin da littafin na'ura ya koyar da yadda ake yinsa halal ne, abin da ya wuce nan kuwa shiga hurumin injiniyan kamfani ne. A PlayStation 5 wannan iyaka tana da dalili na zahiri. Tsakanin firosesarta da ƙarfen da ke janye zafi akwai wani narkakken ƙarfe mai ɗaukar wutar lantarki. Idan wanda bai san aikin ba ya ɗaga wurin har ɗigo ɗaya ya gangara kan bod, zai iya haɗa wayoyin da bai kamata su haɗu ba, na'urar ta ƙone.

Na biyu shi ne taɓa manhajar na'ura. A kasuwanni da dama ana yi wa na'ura kutse a sauya manhajarta don ta karɓi wasannin da ba a saya ba, a loda mata su da yawa a farashi kaɗan. Dukkan kamfanonin uku sun fitar da irin wannan na'ura daga garanti. Ban da haka, idan ta hau intanet kamfani ya gano, zai iya toshe ta daga dandalinsa, kuma toshewar ba lalacewa ba ce da za a kai gyara. Wanda zai sayi na'urar da aka ce "cike take da wasanni" ya kamata ya tambayi ta yaya wasannin suka shiga.

Na uku shi ne wutar lantarki. Ɓarnar da tsawa ko hauhawar wuta ta jawo ba ta cikin garanti. Wutar gida a Najeriya da Nijar tana tsakanin bolt 220 zuwa 230, ta Amurka 120 ce, ta Japan 100. Tsofaffin na'urori kamar Xbox 360 da Xbox One ta farko suna da akwatin wuta na waje da aka yi wa kowane yanki nasa, kuma wanda ya jona na Amurka kai tsaye a soket ɗin Kano zai iya ƙona shi nan take. Sababbin na'urori da yawa suna karɓar daga 100 zuwa 240, amma abin dogaro shi ne a karanta rubutun da ke kusa da mashigar wuta kafin a jona. Ko na'urar da ke karɓar kowace wuta ba ta tsira daga wutar da ke dawowa da ƙarfi bayan an ɗauke, ko janareta mai hawa da sauka. Injiniya yana gane wannan daga ƙonannen fiyus da baƙin tabo a sashen wuta. Maganinsa sitabilaiza mai kyau, da cire filogi idan an ɗauke wuta ko hadari ya taso.

Na huɗu shi ne ruwa, da ƙwari, da ƙazanta. A cikin wasu na'urori, kamar Switch, akwai 'yar farar alama da ke rinewa zuwa ja idan ruwa ya taɓa ta, kuma ba ta komawa fari ko bayan ta bushe. Kyankyasai suna son ɗumin sashen wuta, kuma cibiyar gyara na iya mayar da na'urar da ta samu ƙwari a ciki ba tare da ta taɓa ta ba. Ƙurar hunturu ma tana toshe hanyoyin iska har na'ura ta riƙa zafi, kuma wannan ana lissafa shi cikin rashin kula.

Na biyar shi ne amfani da na'ura don kasuwanci. Takardun garanti na kamfanonin uku sun ware na'urar da ake haya ko ake karɓar kuɗi a buga. Wannan ya shafi gidajen gem na unguwanni kai tsaye, inda na'ura ɗaya ke yini tana aiki, fad yana yawo daga hannu zuwa hannu. Na ƙarshe kuma shi ne goge ko ɓamɓare lambar siriyal, domin ba tare da ita ba babu yadda za a haɗa na'ura da rasit ɗinta.

Matsalar sandar fad

Ƙorafin da ya fi yawa a kayan wasa shi ne sandar fad ta riƙa tafiya da kanta: ɗan wasa a allo yana karkata gefe guda alhali ba wanda ya taɓa komai. A ƙarƙashin kowace sanda akwai wasu ƙananan ma'aunai biyu, ɗaya na sama da ƙasa, ɗaya na dama da hagu. A cikin kowanne akwai ɗan harshen ƙarfe da ke gogar wata siririyar hanya mai baƙin shafi, kuma daga inda harshen ya tsaya na'ura ke sanin inda sanda take. Da yawan goga shafin yana cinyewa, garinsa da ƙura suna taruwa, sai ma'aunin ya fara ba da labarin motsin da ba a yi ba.

Wannan matsala tana kan iyaka tsakanin lahani da tsufa. Idan ta bayyana cikin wa'adi kuma jikin fad ba shi da alamar faɗuwa, yawanci ana karɓar ta a garanti. A Switch ƙorafin ya yi yawa har Nintendo ya fara gyara fad ɗin Joy-Con kyauta a Arewacin Amurka daga 2019 ko da wa'adi ya wuce, sannan a 2023 ya yi irin wannan alkawari ga ƙasashen Turai. Fesa turare ko man inji cikin sandar, kamar yadda wasu ke yi, yana barin alama, kuma yana iya mayar da gyaran kyauta ya zama na kuɗi.

Yadda gyara ke tafiya

A ɗauka wani ɗalibi a Amurka ya sayi PlayStation 5 samfurin CFI-1215A ranar 10 ga Janairu 2023. A tsakiyar Nuwamba sai na'urar ta fara mutuwa ana cikin wasa, bayan kamar minti ashirin da kunnawa.

Mataki na farko a gida ake yinsa, domin kamfani ba ya karɓar na'ura sai an kawar da ƙananan dalilai. Zai jona ta kai tsaye a soket ɗin bango, ya gwada wata wayar wuta, ya tabbatar akwai tazarar aƙalla santimita 10 tsakaninta da bango, ya zare murfi ya share ƙura. Zai lura ko allo yana nuna saƙon Your PS5 is too hot kafin ta mutu, domin wannan yana nuna zafi ne sanadi, mutuwa ba gargaɗi kuwa ta fi karkata ga sashen wuta ko bod. Sai ya shiga Safe Mode: ya kashe na'urar gaba ɗaya, ya danne maɓallin kunnawa har ya ji ƙara ta biyu bayan kimanin daƙiƙa bakwai, ya jona fad da waya. A nan zai sabunta manhaja, ya kuma gwada Rebuild Database. Idan matsalar ta ci gaba bayan duk wannan, to a jikin na'urar take.

Mataki na biyu shi ne buɗe ƙorafi a shafin kamfanin. Zai shigar da lambar siriyal, ya bayyana matsalar, ya tanadi hoton rasit. Bayani mai amfani shi ne mai dalla-dalla: bayan minti nawa take mutuwa, a wane wasa, wace fitila ke kamawa, me aka riga aka gwada. "Ba ta aiki" kawai na iya sa injiniya ya kunna ta minti biyar, ya ga lafiya lau, ya dawo da ita yadda take. Idan an amince, za a ba shi lambar aiki da takardar da zai liƙa a kwalin aikawa.

Mataki na uku shi ne kwashe abin da ke cikinta. Cibiyoyin gyara suna gargaɗin cewa za a iya goge komai, ko a dawo da wata na'urar daban. A PlayStation 5, ci-gaban da mutum ya samu a wasanninta ana adana shi a ma'ajiyar intanet ta masu rajistar PlayStation Plus, ko a kwashe na'urar zuwa ma'ajiyar waje ta hanyar Back Up and Restore. Xbox tana adana wannan a intanet kyauta idan tana haɗe, Switch kuma tana buƙatar rajistar Nintendo Switch Online, kuma ba kowane wasa ne ke shiga ba. Wasannin da aka saya ta intanet ba sa ɓata, domin suna ɗaure da akawun ɗin mai su, za a iya sake sauke su. Kafin rufe kwali zai fitar da faifan da ke ciki, ya cire ma'ajiyar da ya ƙara, ya ajiye fad da wayoyi sai in an nemi a haɗo su. Zai kuma ɗauki hoton na'urar ta kowane gefe har da lambarta, domin idan ta fashe a hanya hoton ne zai nuna halin da ta bar hannunsa.

Mataki na huɗu a cibiyar gyara yake. Kafin a nemi matsalar, ana fara duba ko na'urar ta cancanci garanti: lambar ta dace da takarda, babu tsagewa a kusurwa, babu alamar ruwa ko ƙwari, kusoshi ba su ci sukurudireba ba, babu sabuwar dalma a kan bod. Idan ta tsallake, sai a kunna ta a bar ta tana aiki har matsalar ta bayyana. Manyan cibiyoyi ba su cika bin ƙananan ƙwayoyin kan bod ɗaya bayan ɗaya ba. Sashe guda suke cirewa su sa wani: fanka, ko sashen wuta, ko bod ɗin gaba ɗaya. Sau da yawa ma sai su aiko da wata na'urar da aka taɓa dawowa da ita, aka gyara aka gwada a masana'anta. Takardar garanti ta ba kamfani wannan zaɓi, don haka mai na'ura ba shi da ikon dagewa sai sabuwa. Aikin yakan ɗauki daga kwanaki zuwa 'yan makonni, gwargwadon nisa da samuwar kayan gyara.

A ce na'urar ɗalibin ta dawo ranar 1 ga Disamba 2023 da sabon sashen wuta. Gyara ba ya sabunta shekarar garanti daga farko. Ƙa'idar da kamfanoni da yawa ke bi ita ce a ba na'urar ragowar wa'adinta na asali ko kimanin kwana 90, duk wanda ya fi tsawo. Ragowar wa'adinsa kwana 40 ne, zuwa 10 ga Janairu 2024, don haka kwana 90 ne zai yi aiki, wanda zai kai shi ƙarshen Fabrairu. Idan na'ura daban aka aiko masa, lambar siriyal ta canja, sai ya adana takardar gyaran tare da tsohon rasit, domin su biyun ne hujjarsa yanzu.

Da a ce an buɗe na'urar an tarar da alamar ruwa, labarin zai sauya. Cibiyar za ta sanar da shi cewa gyaran ya fita daga garanti, ta faɗi kuɗin aiki, shi kuma ya zaɓa: ya biya, ko a dawo masa da kayansa ba gyara.

Idan na'urar tana gida

Da ɗalibin ya taho da wannan na'ura hutu Kano ta lalace a can, garantinta na nan da rai amma ba ya aiki sai an mayar da ita Amurka. A nan lissafi ya shigo: kuɗin aikawa da dawowa, da haɗarin hanya, da sauran kwanakin wa'adi, a gefe guda kuma kuɗin mai gyara na gida. Idan wa'adi ya kusa ƙarewa kuma matsalar ƙarama ce, gyaran gida ya fi sauƙi. Idan bod ne ya mutu kuma akwai mai komawa ƙasar kwanan nan, gara a bar na'urar a rufe, domin da zarar wani ya sa mata dalma an rufe ƙofar kamfani.

Masu gyara na gida suna da abin da suka fi manyan cibiyoyi, domin su sukan gyara ƙwaya ɗaya maimakon jefar da bod sukutum. Mashigar HDMI, wato inda wayar talabijin ke shiga, misali ce mai kyau. Tana karyewa idan aka fizgi waya ko aka ɗaga na'ura da wayar a jiki. Alamarta ita ce na'ura ta kama, fitila ta yi fari, amma talabijin ba hoto, kuma idan aka haska tocila a ramin za a ga ƙananan haƙoran sun lanƙwashe. Kamfani yana lissafa wannan a ɓarnar hannu, don haka ko cikin wa'adi ba kyauta ba ne, alhali ƙwararren mai gyara zai iya cire ta ya sa sabuwa. Amma akwai inda aikin ke da tarko. A PlayStation 5 ta farko, ɗan bod ɗin da ke sarrafa wurin faifai an ɗaure shi da babban bod na wannan na'ura kaɗai, don haka ɗauko wurin faifai sukutum daga wata na'ura ba zai sa ta buga wasa ba, sai an mayar da ɗan bod ɗin asali a kansa.

Kafin a bar na'ura a shagon gyara, ana rubuta lambar siriyal a takardar karɓa, a yi ciniki kafin a buɗe, a amince cewa ba za a canja wani sashe ba sai an sanar da mai ita, kuma za a ba shi tsohon da aka cire. Ana tambayar kwana nawa mai gyaran ya tsaya wa aikinsa, a rubuta. Ranar karɓa kuma ana gwada na'urar a shagon da wasa mai nauyi na aƙalla rabin awa, a gwada faifai da fad da intanet, domin matsalar zafi da ta wuta ba sa nuna kansu a minti biyar na farko.